Buhu 75 a magaza, 87 da rabi a kwamfuta: yadda jawo bayanai a kai a kai ke ninka lissafi

Duk wanda ya yi aiki a ofishin da ke karɓar bayanai daga ƙauyuka ta salula ya san irin wannan gardamar. Mai tsaron magaza ya zo da littafinsa ya ce ga abin da ya fita, kontabul ya buɗe kwamfuta ya ce ba haka ba ne, adadin ya fi haka. Su biyun kowa da gaskiyarsa a hannu, kuma sau da yawa ba wanda ya ci ko tiya ɗaya. Matsalar tana can cikin ƴar manhajar da ke zuwa duk awa ta ɗebo sabbin bayanai daga saba ta zuba su a rumbun bayanan ofis. Tun da ƙungiyoyi suka bar takarda suka koma cike fom a waya da irin su KoboToolbox da ODK Collect, wannan nau'in kuskure ya zama abin da ya kamata mai kula da lissafi ya gane, ko da ba shi ne ya rubuta manhajar ba.

## Kalmomi huɗu kafin a shiga magana

Saba ita ce babbar kwamfutar da wayoyin ma'aikata ke aika wa fom. Layi shi ne bayani guda, misali sayarwa ɗaya ga mutum ɗaya. Zango, a wannan rubutun, shi ne tsakanin lokutan nan biyu da manhaja ke ambata wa saba idan ta je ɗiba: "ba ni abin da ya shigo daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza". Idan zangon yanzu ya fara tun kafin inda na baya ya tsaya, an ce sun hau juna, kuma duk layin da ya faɗa a wannan tsakanin za a ɗebo shi sau biyu. Ta huɗu ita ce lambar shaida, wato lambar da ke bambanta layi da duk sauran layuka, kamar yadda lambar rasit ke bambanta ciniki da ciniki. Kusan duk maganin yana rataye ne a kan wannan lambar.

## Misali daga bankin hatsi

A ɗauka wata ƙungiya mai ofis a Damagaram tana kula da bankunan hatsi a ƙauyukan Miriya da Matamai. Da damina, lokacin da rumbunan mutane suka yi ƙasa, ana sayar da gero da rangwame, tiya biyar ga kowane gida. Ma'aikaci yana cike fom ɗaya ga kowane mai saye. A ofis, manhaja tana tashi a kan kowace awa, kuma wanda ya rubuta ta ya sa ta koma baya da minti 70, ba 60 ba. Ɗibar ƙarfe 9 ta ɗauko daga 7:50 zuwa 9:00, ta ƙarfe 10 daga 8:50 zuwa 10:00, haka har dare.

Ranar an yi sayarwa 600 tsakanin ƙarfe 8 na safe da 6 na yamma, kusan 60 a kowace awa. Minti goman ƙarshe na kowace awa suna ɗauke da layi kamar 10, kuma kowannensu ya zo sau biyu. Awa goma, layi 100 na ƙari. Rumbun ofis ya nuna 700. Idan aka buga da tiya biyar, ainihin abin da ya fita tiya 3,000 ne, kwamfuta kuma ta ce 3,500. A lissafin tiya 40 a buhu, buhu 75 ke nan a magaza, 87 da rabi a rahoto. Buhu goma sha biyu da rabi sun fito daga iska, kuma littafin mai magaza ne za a fara zargi.

Wannan kuskuren yana da tambarinsa, kuma da shi ake gane shi. Ƙarin yakan yi kusa da kashi ɗaya cikin shida, domin minti 10 cikin 60 ke nan. Idan aka jera layukan da suka maimaitu bisa lokacin shigowarsu, za a ga duk sun taru tsakanin minti na 50 da na 59, ba ko ɗaya a minti na 20. Ɓarna ta hannun mutum ba ta bin agogo haka. Tambayar farko da ake yi wa rumbu da SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi, gajera ce:

```sql
SELECT COUNT(*), COUNT(DISTINCT lamba) FROM sayarwa;
```

Idan amsa ta fito 700 da 600, an gama bincike a kan mai magaza.

## Me ya sa ake hawa zango da gangan

A nan ne mutane ke ruɗewa. Mai jin labarin zai ce ai sai a mayar da 70 ɗin 60 a huta. Amma wanda ya ƙara minti goman ba wauta ya yi ba, asara yake gudu.

Lokacin da saba ta buga wa layi da lokacin da layin ya bayyana ga mai nema ba ɗaya ba ne. Fom ya iso 8:59:58, saba ta buga masa wannan lokacin, amma ba ta gama rubuta shi ba sai 9:00:03. Manhaja ta zo 9:00:00 daidai, ba ta gan shi ba. Da ta dawo ƙarfe 10 ta nemi abin da ya shigo daga 9:00:00, shi kuma tambarinsa 8:59:58 ne, ya faɗa bayan layi. Ba za a sake neman sa ba har abada, kuma ba wani saƙon kuskure da zai fito. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, alal misali, `now()` tana ba da lokacin da aka fara aikin rubutu ne, ba lokacin da aka kammala shi ba, don haka wannan giɓin gine yake a cikin tsarin. Ga kuma agogon kwamfutar ofis da na saba da kan bambanta da ƴan daƙiƙu ko mintuna.

Maimaici ana ganin sa, ana iya share shi. Layin da ya ɓace ba ya barin sawu. Shi ya sa akasarin masu wannan aiki suka gwammace su ɗebo abu sau biyu da su rasa shi sau ɗaya. Kuskuren ƙungiyar da ke misalinmu ba a hawan zangon yake ba. Yana wajen zubawa: manhajar tana zuba duk abin da ta ɗebo ba tare da ta duba ko yana nan ba.

Ko da ba a hau zango da gangan ba, maimaici yana da wasu ƙofofi. `BETWEEN` a SQL tana haɗawa da bakin farko da na ƙarshe, saboda haka layin da tambarinsa 9:00:00 cif zai fito a zango biyu. Gyaran shi ne `>=` a farko da `<` a ƙarshe. Sannan idan wuta ta ɗauke bayan manhaja ta zuba rabin layuka, ta tashi ta sake ɗibar zangon daga farko, wannan rabin ya ninku. A garin da ɗaukewar wuta da yankewar rezo ba baƙi ba ne, wannan ƙofar ta biyu ta isa ta sa a ɗauka cewa maimaici zai zo ko yaya aka tsara zango.

## Wane lokaci ake yanka zango da shi

Kafin a je ga magani, akwai wani tarko da minti goma ba sa tsarewa. Ma'aikaci a wani ƙauye bayan Tanut ya cike fom ranar Litinin, babu rezo, sai Alhamis da ya shigo gari wayar ta aika. Fom ɗin yana da lokuta biyu: wanda wayar ta rubuta sa'ad da aka cike shi, da wanda saba ta buga sa'ad da ya iso. Idan da lokacin waya ake yanka zango, fom ɗin Litinin ya makara da kwana uku, ba zangon da zai kama shi. Da lokacin isowa ake yanka, wanda a KoboToolbox sunansa `_submission_time`. Lokacin waya na rahoto ne, don a san ranar da aka yi ciniki.

Wannan lokacin isowar kuma da agogon duniya na UTC ake rubuta shi, Nijar tana gaba da shi da awa ɗaya duk shekara. Manhajar da ta aika ƙarfen Damagaram kamar na UTC ne za ta riƙa neman awar da ba ta zo ba tukuna. A tsarin minti 70, minti goma kawai za ta riƙa samu a kowace awa, hamsin su wuce ta. Wannan kuskuren aƙalla yana da girman da za a gan shi tun ranar farko.

## Hanyoyi uku da hujjar kowace

Masu aikin ba su haɗu a kan hanya ɗaya ba. Wasu sun fi son a daina yanka da agogo gaba ɗaya: idan saba tana ba kowane layi lamba mai hawa, sai manhaja ta riƙe babbar lambar da ta gani, gobe ta ce "ba ni abin da ya wuce 4817". Hujjarsu ita ce sauƙi, kuma ba ruwansu da bambancin agogo. Rauninta shi ne giɓin nan na ɗazu yana nan: lamba 4818 na iya kammala rubutuwa bayan 4819, a tsallake ta. Kuma layin da aka gyara daga baya ba ya samun sabuwar lamba, ba za a sake ganin sa ba.

Wasu kuma sun ce a share a sake: duk dare a goge teburin, a ɗebo komai daga farko. Ga fom mai layi dubu biyu ko uku wannan hanya ce mai kyau, ba abin kunya a cikinta, kuma ita kaɗai ce ke lura da layin da aka goge a saba ba tare da wata dabara ba. Tsadarta tana ƙaruwa da girman bayanai, kuma idan rezo ya yanke bayan an goge kafin a cika, ofis ya wayi gari da tebur rabi. Masu yin ta da hankali sukan zuba a sabon tebur, sai ya cika su musanya.

Ta uku ita ce a bar zango ya hau juna, amma a sa rumbun da kansa ya ƙi karɓar lamba sau biyu. Ita ce ta fi dacewa da ɗiba ta awa-awa, kuma ita ce za a bi dalla-dalla a ƙasa. Sharaɗinta ɗaya ne, amma mai nauyi: sai an sami lambar shaida ta gaskiya.

## Lambar shaida, ba kamannin layi ba

Abin da hannu ke fara kaiwa gare shi shi ne `Remove Duplicates` na Excel, ko `DISTINCT` a SQL, wato a goge layukan da suka yi kama da juna. Wannan yana kuskure ta fuska biyu masu karo da juna. Idan manhaja tana ƙara wa kowane layi lokacin da ta ɗebo shi, kwafi biyun ba su zama iri ɗaya ba, ɗaya 9:00 ɗaya 10:00, sai duk su tsira. Idan kuma aka ce a kwatanta suna da ƙauye da yawan tiya kawai, sai a faɗa ɗaya ramin. A ƙauye ɗaya ana samun Hadiza biyu, uban kowace sunansa Musa, kowace ta sayi tiya biyar rana ɗaya. Kwamfuta ta ce mutum ɗaya ne, ta goge ɗaya. Yanzu rahoto ya gaza abin da ya fita, kuma wata Hadiza ba ta cikin rajista.

Lambar da ake so ita ce wadda tushen bayanan ya bayar, ba wadda rumbun ofis ya ƙirƙira yayin zubawa ba, domin ta ofis sabuwa take fitowa ga kowane kwafi. A KoboToolbox akwai `_id` da `_uuid`. Bambancinsu yana da muhimmanci: a tsarin fom na dangin ODK, idan aka gyara fom bayan an aika, yana samun sabon `instanceID`, tsohon ya koma `deprecatedID`. Wanda ya dogara da lambar da ke canzawa zai ga gyararren fom kamar sabon ciniki. Gwajin ba ya cin minti biyar: a ɗebo layi ɗaya, a gyara shi a saba, a sake ɗebowa, a ga wace lamba ce ta tsaya a inda take. Ita ce lambar shaida. Idan ana haɗa fom fiye da ɗaya ko saba fiye da ɗaya a tebur guda, sai a haɗa sunan tushen da lambar su zama shaida tare.

Wani abu a gefe, ga masu bi da bayanai ta Excel: ba ya riƙe fiye da alƙaluma 15 a lamba. Lambar ciniki mai alƙaluma 18 za ta koma da sifili uku a ƙarshe, lambobi daban-daban su zama ɗaya. A matsayin rubutu ake shigo da irin wannan ginshiƙin.

## Yadda ake kafa shingen

Mataki na farko shi ne share abin da ya riga ya taru, domin rumbu ba zai yarda a kafa dokar "lamba ɗaya, layi ɗaya" a kan tebur mai maimaici ba. Bayan an ajiye kwafin teburin a gefe, a manhajar rumbu ta SQLite ana iya cewa:

```sql
DELETE FROM sayarwa
WHERE lamba IS NOT NULL
  AND rowid NOT IN (SELECT MAX(rowid) FROM sayarwa GROUP BY lamba);

CREATE UNIQUE INDEX sayarwa_lamba ON sayarwa (lamba);
```

Wannan ya bar kwafin da ya shigo a ƙarshe na kowace lamba, 700 ta koma 600. Sharaɗin `IS NOT NULL` yana kare layukan da ba su da lamba, don kada a ɗauke su duka a matsayin abu ɗaya. Su ma abin dubawa ne, domin shingen ba ya tsare su: a wurin rumbu, babu-lamba biyu ba iri ɗaya ba ne, don haka za su ci gaba da ninkuwa har sai an hana ginshiƙin zama fanko.

Mataki na biyu shi ne canza yadda ake zubawa. Akwai zaɓi biyu idan lamba ta zo ta tarar da kanta. `DO NOTHING` yana watsar da sabon kwafin, kuma ya isa idan layi ba ya canzawa bayan an aika. Amma a ce ma'aikaci a Dogo ya rubuta tiya 50 maimakon 5, mai duba aiki ya gyara a saba. `DO NOTHING` zai riƙe 50 ɗin. Abin da ake so shi ne a karɓi sabon kwafi idan ya fi na ciki sabunta:

```sql
INSERT INTO sayarwa (lamba, kauye, tiya, lokacin_gyara)
VALUES (4817, 'Dogo', 5, '2024-07-16 10:20:00')
ON CONFLICT (lamba) DO UPDATE
SET tiya = excluded.tiya, lokacin_gyara = excluded.lokacin_gyara
WHERE excluded.lokacin_gyara > sayarwa.lokacin_gyara;
```

Layin ƙarshe shi ne ke hana tsohon kwafi ya danne sabo idan aka sake ɗibar wani tsohon zango. Wannan salon rubutu yana aiki a PostgreSQL tun fitowar 9.5 a 2016, a SQLite kuma tun 3.24 a 2018. Sai dai gyaran ba zai iso ba sam idan zango da lokacin isowa kawai ake yanka shi, domin gyara ba sabuwar isowa ba ce. Inda saba ke ba da lokacin gyara, da shi ake yanka; inda ba ta bayarwa, sai a ƙara wata ɗiba mai faɗi, ta kwana bakwai misali, sau ɗaya a dare. Da shingen a wurin, faɗin ba ya ninka komai.

Mataki na uku shi ne inda zango ke farawa. "Yanzu a cire minti 70" yana aiki ne kawai idan manhaja ba ta taɓa fashi ba. Wuta ta ɗauke daga ƙarfe 1 zuwa 4, ɗibar ƙarfe 4 ta fara daga 2:50, abin da ya shigo tun ƙarfe 12 har zuwa 2:50 ya salwanta. Daidai shi ne manhaja ta ajiye alamar inda ta tsaya a ɗibar da ta yi nasara, ta fara daga alamar a cire minti goma. Kuma ba a matsar da alamar sai layukan sun zauna a rumbu. Idan aka matsar da ita tukuna wuta ta ɗauke, zangon ya tafi. Idan aka matsar daga baya, mafi munin abin da zai faru shi ne a sake ɗiba, shingen ya tare.

Minti goman ma ba doka ba ce. Ana auna ta: a riƙa lura da layukan da suka shigo sababbi daga ɓangaren da aka hau, wato waɗanda ɗibar baya ta rasa, a ga mafi jinkirinsu. Idan duk ba su wuce daƙiƙa 30 ba, minti goma sun wadatar har da rara. Idan ana samun su a minti na tara, akwai alamar wasu suna faɗawa waje, sai a faɗaɗa.

## Inda abin ke taɓa mutane

Lissafin buhu shi ne abin da ake fara gani, amma layi yakan ja wani aiki a bayansa. Idan tsarin yana aika wa mai saye saƙon tabbaci, ko yana rage adadin da ya rage a magaza, ko yana shirya jerin waɗanda za a biya, to duk wannan sai ya rataya a kan layin da ya shiga rumbu sabo, ba a kan duk abin da aka ɗebo ba. In ba haka ba tebur zai fito tsaf da 600, amma gida 100 sun sami saƙo biyu, ko an cire musu tiya goma a kason da suka ci biyar. Gidan da sunansa ya fito sau biyu kuma yana iya shiga jerin waɗanda ake zargi da karɓa sau biyu, a hana shi a zagaye na gaba, alhali laifinsa kawai shi ne ya zo layi ƙarfe tara saura biyar.

Ga shugaban ofis da ba ya rubuta manhaja, akwai gwaji ɗaya da zai iya nema a yi a gabansa: a ɗebo zango ɗaya sau biyu a jere, a ƙirga layuka kafin da bayan ta biyun. Adadin bai kamata ya motsa ba.

Akwai kuma maimaicin da wannan shingen ba ya gani. Ma'aikaci ya cike fom, ya yi zaton bai shiga ba, ya buɗe sabo ya sake cikewa. Ciniki ɗaya ne, amma fom biyu ne, kowanne da lambarsa, kuma a wurin rumbu ba su da bambanci da Hadiza biyun nan. Abin da manhaja za ta iya shi ne ta ware irin waɗannan, masu lambar katin gida ɗaya daga waya ɗaya cikin ƴan mintuna, ta ajiye su a jeri na dabam ba tare da ta goge ba. Daga nan sai wani ya ɗauki jerin ya kira ma'aikacin, ko ya buɗe littafin mai magaza ya ga sau nawa aka auna wa gidan.